Saƙon amarya mai emoji 14: a bar su, a musanya su, ko a mayar da su magana?

Matar ƙanina Bayarabiya ce. A Legas ta tashi, yanzu suna zaune a Kubwa, can Abuja, kuma Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Hajiyarmu tana nan Jos, a Unguwar Rogo. Idan ta sa tabarau tana karanta Hausar boko a hankali, Turanci kuwa babu. Da yake fassara ce sana'ata, ni na zama tafintar gida, ba albashi ba sallama.

Ran nan Hajiya ta aika musu da kaya ta mota, rabin buhun dankalin Bokkos da kilishi da 'yan kayan miya. Da yamma sai ga saƙon amarya da Turanci a WhatsApp, wai in taimaka in juya wa Mama. Idan na mayar da kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya, na bar kowane emoji a inda ta ajiye shi, ga abin da zai fito:

"Mama!!! Kaya sun iso 😭😭😭 Dankalin nan zai kashe ni 💀💀 Ɗanki ya cinye rabin kilishin kafin ma in gan shi 😤😂 Kina shagwaɓa mu da yawa 🙈❤️ Amma Mama, ba acca a ciki 👀 Na gode, na gode 🙏🙏 Saura kwana biyar mu zo 🖐️😘"

Kalmomi 39, emoji 14. Duk wanda ya saba hira da matasa ya san wannan saƙon murna ne zalla, yarinya ce ta ji daɗi tana tsokanar surukarta cikin ƙauna, tana kuma roƙon acca a fakaice. Amma kafin in tura, sai na miƙa wa Gwaggo wayar, ƙanwar Hajiya, da ke zaune kusa da ni. Ta ƙura wa rubutun ido, ta ɗago ta ce, "Wa ya rasu?"

Hanyoyi uku ne a gaban mai fassara a irin wannan hali. Ko ya bar hotunan yadda suke, ko ya musanya su da waɗanda mai karatu zai fi ganewa, ko ya cire su ya ɗora aikinsu a kan kalmomi. Kowace tana da inda ta fi, sai dai ba ɗaya suke ba wajen haɗari.

Kafin zaɓi, akwai ɗan gwajin da nake yi wa kowane emoji. Nakan rufe shi da yatsa in sake karanta jimlar. Idan ba abin da ya sauya, ado ne kawai, kamar ❤️ a saƙon nan, domin jimlar shagwaɓa ta riga ta ɗauki ƙaunar. Idan kuwa jimlar ta juye ta koma wani abu dabam, to wannan emoji ginshiƙi ne. Rufe 😂 a jimlar kilishi ka ji: matar aure ce take kai ƙarar mijinta wajen uwarsa. Rufe 👀 a jimlar acca, sai ta koma ƙorafi, an yi maka kyauta kana lissafin abin da ba a ba ka ba. Waɗannan biyun su ne ba za a taɓa zubarwa haka kawai ba, kowace hanya aka bi. Sauran kuma nauyi suke ƙarawa: 😭 sau uku ba kuka uku ba ne, "ƙwarai da gaske" ne.

A bar su yadda suke

Wannan ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ce ake yi wa kallon amana, tunda ba ka taɓa komai ba. Dalilin masu bin ta shi ne hoto ba shi da harshe, fuskar dariya dariya ce a Jos da Legas. A saƙon nan ga yadda abin yake warwarewa.

Hajiya za ta fara cin karo da fuskoki uku suna zubar da hawaye shaɓe-shaɓe. A wajenta kuka kuka ne. Daga nan sai ta karanta cewa abincin da ta aika zai kashe surukarta, ga ƙoƙon kan gawa guda biyu a gefe. Matasa suna sa 💀 ne su ce dariya ko daɗi ya kusa halaka su, amma a gidan Bahaushe, maganar abincin uwar miji da kisa a jimla ɗaya ba abin wasa ba ce, kowa ya san inda tunani zai tafi. 🙈 kunya ce a wajen amarya, a wajen Hajiya kuwa biri ne, sai ta tambaya wane ne birin. 😘 sumba ce, abin da ba ya shiga tsakanin surukai a al'adarmu. Shi kuma 😂, na daɗe da lura Hajiya da ƙawayenta hawayen suke gani, ba sa kula da bakin da ke dariya. Na taɓa ganin an jera shi a ƙarƙashin sanarwar rasuwa a zauren WhatsApp na dangi, da zuciya ɗaya.

Mafi muni shi ne na kusa da ƙarshe. Amarya lissafi take yi, yatsu biyar, kwana biyar. Ita ma ta san daƙuwa, duk ɗan Najeriya ya san ta, amma hankalinta bai kai can ba. Hajiya kuwa tafin hannu za ta gani, yatsu a ware, an nufo fuskarta da shi, daga hannun matar ɗanta.

Wani zai ce ai sai a duba ma'anar kowane emoji a hukumance. Ba ya fisshe ka. Daga Japan waɗannan hotuna suka fito. Saitin da ya fi shahara cikin na farko shi ne guda 176 da Shigetaka Kurita ya zana wa kamfanin waya na NTT DoCoMo a 1999, kuma sai a 2010 ƙungiyar Unicode ta shigar da ɗaruruwansu cikin tsarin haruffan da wayoyin duniya suke amfani da shi. Da yawa sun taho da ma'anarsu ta zanen Japanawa. Sunan 😤 a kundin Unicode shi ne `FACE WITH LOOK OF TRIUMPH`, wato fuskar wanda ya yi nasara, alhali mu duk huci muke gani. 😪 kuma sunansa `SLEEPY FACE`, mai jin barci, abin da ke fuskar tasa kumfar majina ce, amma mutanenmu hawaye suka ɗauke shi suna ta sa shi a ta'aziyya. Sunan ba ya gaya maka abin da mai rubutu ke nufi, ba ya kuma gaya maka abin da mai karatu zai gani. Shi ya sa na fi gane in tambayi mai saƙon kai tsaye. Tambaya biyu na yi wa amarya: hannun nan na mene ne, kuma 🙏 godiya ce ko addu'a? Ta ce biyar, ta ce godiya.

Duk da haka wannan hanya tana da gidanta. Da a ce ƙanwata mai shekara ashirin za a juya wa saƙon, ba zan taɓa ko ɗaya ba sai hannun. Ita da amarya ba harshensu ɗaya ba, amma wayarsu ɗaya, bidiyon da suke kallo ɗaya, 💀 a wajensu abu ɗaya yake nufi. Sau da yawa tazarar shekaru ta fi tazarar harshe nisa a wannan sha'ani. Abin lura kawai shi ne kowane emoji ya bi jimlarsa. Fassara takan sauya jerin magana, abin da Turanci ya ajiye a ƙarshe Hausa ta jawo shi gaba. Idan ka kwashe hotunan ka jibge a ƙarshen saƙo, 😂 na kilishi zai faɗa kan godiya, sai ta zama kamar gatse. Jerin su ma yana da ma'ana: 😤😂 fushin wasa ne da dariya ta wanke, 😂😤 kuwa dariya ce da ta ƙare da haushi.

A musanya su

Hanya ta biyu ita ce a riƙe kamannin saƙon, a ga launi da fuskoki kamar yadda mai shi ta so, amma a sauya masu haɗari a kuma rage yawansu. Ga gwajina:

"Mama! Kaya sun iso 😍 Dankalin nan akwai daɗi 😋 Ɗanki ya cinye rabin kilishin kafin ma in gan shi 😄 Kina shagwaɓa mu da yawa 😊 Amma Mama, ba acca a ciki 😅 Na gode, na gode 🤲 Saura kwana biyar mu zo."

Ba gawa, ba biri, ba daƙuwa. Gwaggo ta karanta ta ce, "To, madalla." Amma ni ban gamsu ba, saboda dalilai da suka fi ƙarfin ado.

Na farko, ba kowane emoji ne ke da madadi ba. Na so in sa 👋 a ƙarshe, hannun ban-kwana, sai na ga a ƙaramar fuskar waya, ga idon da ke buƙatar tabarau, shi ma yatsu biyar ne a ware. Dole na bar wurin fayau. 😅 da na sa a madadin 👀 ma bai yi aikin ba: 👀 tsokana ce ta mai jiran kaya, 😅 kuwa ɗar-ɗar ce ta mai jin nauyin tambaya, ga ɗigon gumin da Hajiya za ta iya ɗauka hawaye ne.

Na biyu shi ne 🤲. Tafuka biyu a buɗe, yadda Musulmi ke roƙon Allah, a 2017 aka ƙara shi, kuma da yawa daga mutanenmu sun koma gare shi saboda suna ganin 🙏 yanayin addu'ar Kirista ne. A Jos, inda Musulmi da Kirista suke hira da Hausa ɗaya a zaure ɗaya, za ka ga duka biyun suna yawo, wani ma ba ya bambancewa. A Japan ɗin da 🙏 ya fito, roƙo da godiya yake nufi. To amarya ta ce min godiya take yi. Idan na sa 🤲, na mayar da godiyarta addu'a da hoto, na kuma zaɓa mata alamar addini da hannuna. A wannan karon ba laifi, tunda Musulma ce. Amma ka ɗauka saƙon na maƙwabciyarmu ce Kirista 'yar Birom, ko na abokin ciniki da ban san addininsa ba. Nan musanya ta zama sa wa mutum rigar da ba tasa ba.

Na uku kuma, duk saƙon ya yi sanyi. Amarya mai zafin murna ce, mai zuzuta abu, shi ya sa ta jera kuka uku da gawa biyu. Fuskokin murmushin nan masu ladabi sun mayar da ita wata yarinya mai sanyin hali da ban sani ba. Musanya takan kawar da haɗari, amma tana yawan tafiya da halin mai magana.

Inda nake bin wannan hanya shi ne saƙon da jama'a da yawa za su karanta, manya da yara: sanarwar biki, tallan kaya, gaisuwar Sallah a zauren unguwa. A nan launi yana da amfani, ba kuma halin mutum ɗaya ake son fitarwa ba. Guda biyu ko uku masu sauƙin ganewa sun isa. Mai tallan kayan lambu daga kasuwar Farin Gada ta Jos da ke turawa masu saye a Abuja ya dai yi hattara da 🍆 da 🍑. Shi yalo da 'ya'yan itace yake nufi, amma a hirar Turanci ta matasa an daɗe da mayar da su batsa.

A mayar da su magana

Nan ne aikin yake, nan ne kuma Hausa ta fi ƙarfi. Abin da emoji ke yi wa rubutun Turanci, wato nuna da wace murya aka faɗi magana, mu muna da ƙananan kalmomi da suke yin sa tun kafin a ƙera waya: fa, dai, kam, kuwa, ma, ai, mana, wai. "Ban gani ba" dabam, "ban gani ba fa" dabam, "ban dai gani ba" dabam. Ga abin da na rubuta:

"Mama, barka da yamma. Kai, kaya sun iso, na ma rasa bakin godiya! Dankalin nan kam, tun da na dafa shi nake santi. Ɗanki kuwa, wai kafin in ankara har ya tashi da rabin kilishin, ga ƙara na kawo miki. Kina dai shagwaɓa mu, har kunya nake ji. Acca ce dai ban gani ba, ina nan ina zuba ido. Na gode, na gode, Allah ya saka da alheri. Saura kwana biyar mu zo, na ƙagu in gan ki."

Kukan nan uku ya koma "Kai" da "na ma rasa bakin godiya", domin abin da 😭 ke faɗi ke nan, daɗi ya yi yawa har magana ta gagara. Gawa biyu da "zai kashe ni" duk sun narke cikin kalma ɗaya, santi. Ban san wata kalmar Turanci da ta yi daidai da santi ba, shi ya sa amarya ta buƙaci ƙoƙon kai har biyu ta faɗi abin da Bahaushe ke faɗa da gaɓa biyu. Kuma santi yabo ne da mai kyauta ke jin daɗinsa, yana ɗauke da 'yar dariyar da mutum ke yi wa kansa. Biri ya zama "har kunya nake ji". Hannu ya tafi gaba ɗaya ba a rasa komai ba, tunda "biyar" tana nan a rubuce.

Jimlar acca ta fi ba ni wuya. Da farko na rubuta "ko ta maƙale a mota ne?", don in ba Hajiya hanyar fita. Sai na tuna halinta: kafin in ajiye waya ta kira direba a tasha tana tuhumarsa da satar acca. Na ƙirƙiro zato da amarya ba ta yi ba, zai kuma faɗa kan bawan Allah. Wannan shi ne babban haɗarin hanyar nan, kana neman murya sai ka tsinci kanka kana ƙara labari. Da na koma kan hoton kansa, idanu biyu, sai na ga Hausa tana da su iri biyu, sa ido da zuba ido. Sa ido na ɗan gulma ne, shi Hajiya za ta iya gani a 👀. Zuba ido na mai jira ne da fata, shi amarya ke nufi. "Dai" kuma ta rage kaifin "ban gani ba".

Akwai abubuwa biyu da na ƙara waɗanda babu su a asali, kuma ina tsaye a kansu. Gaisuwa ta farko: a Turancin amarya "Mama!!!" da alamar motsin rai uku ita ce gaisuwarta, amma a Hausa saƙon da ya faɗo wa babba ba gaisuwa rashin tarbiyya ne, laifin da ita ba ta yi ba. Sai "Allah ya saka da alheri". Na ƙi 🤲 ɗazu, ga shi na sa addu'a da baki, na sani. Bambancin shi ne wannan jimla haka Bahaushe ke cika godiya, Musulmi da Kirista, kuma "na gode" tsirara ga uwar miji ta yi gajarta a kan 🙏 biyu. Iyakata ke nan. Ban ƙara mata "ya jikoki, ya sanyi, ya mutan gida" ba, don kar Hajiya ta zaci surukarta ta zama Bakanuwa dare ɗaya.

Sumbar fa? Ta shige cikin wakilin suna. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga wanda ake yi wa magana, Hausa kuwa dole ka zaɓa: ki ko ku. A gidaje da yawa suruka "ku" take ce wa uwar miji, "kun shagwaɓa mu, mun gode". Ladabi ne, amma da tazara. Yarinyar da ta aika 😘 kusanci take nema, Hajiya ma "'yata" take kiranta. Sai na zaɓi "ki", na ƙare da "na ƙagu in gan ki". Da a ce saƙon ya ƙare da 🙏 kaɗai, "ku" zan sa.

Farashin wannan hanya a fili yake. Kalmomi 39 sun zama 78, ninki biyu cif. Tana cin lokaci, tana buƙatar wanda ya san mutanen biyu, kuma muryar mai fassara tana iya danne ta mai saƙo. Wuri ɗaya ma kalmomi sun kasa: "ga ƙara na kawo miki". Da baki, kowa zai ji wasa ne. A rubuce, ko da "wai" a gabanta, uwa tana iya ɗauka da gaske ta kira ɗanta ta yi masa faɗa. Nan kaɗai na bar emoji guda, kuma ba 😂 ba, 😄 na sa, baki a buɗe ba hawaye.

Wani zai ce me ya hana in yi saƙon murya in huta? Ga wanda ba ya karatu, ita ce mafita, kuma murya tana ɗaukar duk abin da 😄 zai ɗauka. Amma muryata Hajiya za ta ji, ni 'yarta, ina cewa "ɗanki" ina kai ƙarar ƙanina. Rabin daɗin saƙon shi ne ta ji kamar amarya ce ke magana. Idan dole sai murya, nakan fara da "ga abin da ta ce", in karanta shi da "na" da "ni" kamar wasiƙa, kar in koma "wai ta ce", domin "wai" ɗin ba da labari yana kashe zafin magana.

Sai maganar wayar da za ta karɓa, wadda masu fassara kan manta. Kowane kamfani da zanensa: fuska ɗaya ba lalle ta fito iri ɗaya a iPhone da wayar Android ba, sabon emoji kuma a tsohuwar waya akwati yake fitowa, fanko. Shafin Emojipedia yana nuna zanen kowane kamfani gefe da gefe, idan kana shakka. Ga mai ƙaramar waya mai madannai irin ta Gwaggo kuwa, tes za ka tura, kuma lissafi ya sauya. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, idan saƙon ya yi tsawo aka rarraba shi kowane yanki 153. Da zarar emoji guda ya shiga, tsarin rubutun ya sauya, ya koma 70, yankuna kuma 67. Saƙon Hajiya da tazararsa ya kai haruffa wajen 375: tes uku ke nan in ba emoji ba kuma harafi mai lanƙwasa, tes shida da emoji guda, wanda wataƙila ma akwati zai fito. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma haka suke jawowa, shi ya sa a tes nakan haƙura in rubuta k da d da b.

Inda duk wannan ya juye

Idan saƙon ya shafi kuɗi ko alkawari ko rigima, hanyar da na fi so ita ce mafi haɗari. A ce dillalin dankali a Jos ya rubuta wa mai gidan abinci a Abuja, "buhu ashirin, kuɗi ranar Juma'a", shi kuma ya amsa da 👍 kaɗai. Daga baya aka saɓa, aka kawo maka hirar ka fassara wa lauya ko shugabannin kasuwa. Idan ka rubuta "na yarda", ka yanke hukunci. Idan ka rubuta "na gani", ka yanke shi ta ɗaya ɓangaren. Rigimar gaba ɗaya a kan ma'anar babban yatsan nan take. Ba tatsuniya ba ce: a 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke cewa 👍 da wani manomi ya aika a matsayin amsar hoton kwantiragi amincewa ce, ta kuma ɗora masa diyyar dalar Kanada kusan 82,000. Shi ya ce yana nufin saƙo ya iso ne kawai. Alƙali ya duba yadda suka saba ƙulla ciniki a baya da gajerun amsoshi.

A irin wannan aiki ba na musanya komai, ba na mayar da komai magana. Kowane emoji yana zama a wurinsa da adadinsa, in haɗa da hoton fuskar wayar, in rubuta wace irin waya ce. In an tambaye ni ma'ana, a takarda dabam nake bayani, in kawo duk fassarorin da za su yiwu. Ina kuma duba ko 👍 ɗin amsa ce da aka turo, ko kuwa maƙala shi aka yi a jikin saƙon, abin da WhatsApp ya fara bari a yi a 2022. Wanda aka maƙala ba ya biyo rubutu idan an kwafa ko an tura wa wani, sai ka ga hira ta zo maka kamar ba a amsa ba alhali an amsa. A hirar yau da kullum kuwa, fassarar 👍 da ta fi dacewa ita ce "to", domin ita ma haka take, tana iya zama na ji, tana iya zama na yarda, tana iya zama ka ishe ni.

Na tura wa Hajiya na ukun, da 😄 guda bayan ƙarar kilishi. Bayan Magariba sai ga amsarta, ta rubuta da kanta, harafi ɗaya bayan ɗaya: "Wayyo yata accar tana zaure na manta 😂😂 kice wa wancan ya bar miki kilishi." Ta ce in juya wa amarya. Na kira ta na ce, "Hajiya, fuskokin nan biyu, dariya kike yi ko kuka?" Ta ce, "Wace irin dariya, yarinya ta roƙi abu na manta? Ba ki ga hawaye ba?" Sai na cire su, na rubuta wa amarya da Turanci cewa Mama ta ji ba daɗi ƙwarai, accar tana zaure, tana jiran ta nan da kwana biyar.